Daidai Hoto, Daidai Magana: Yadda Ake Auna Rubutu Kafin A Ɗora Murya A Bidiyo

Gidan talabijin idan ya sayar wa mai talla daƙiƙa 60, daƙiƙa 60 ɗin zai ba shi. Da ta cika, na'ura za ta wuce zuwa abu na gaba, ko da mai magana yana tsakiyar faɗin lambar waya. Haka abin yake ga ɗan jaridar da aka ce ya haɗa rahoton minti ɗaya da rabi, da malamin da ke shirya gajeren darasi a waya, da ma'aikacin ƙungiyar da aka miƙa wa bidiyon da aka riga aka tace a wata ƙasa aka ce ya ɗora masa muryar Hausa. Dukansu matsalarsu ɗaya ce. Hoto ya riga ya tsaya a kan tsawonsa, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa, maganar ce za ta bi shi.

Yawancin sababbin shiga suna fara rubutu ne, su rubuta duk abin da ke ransu, sannan su shiga situdiyo su ga ko zai shiga. Idan bai shiga ba sai a ce wa mai karatu ya ƙara sauri. Waɗanda suka daɗe a aikin kuwa da lissafi suke farawa. Kafin su rubuta kalma ɗaya sun san daƙiƙa nawa ce tasu a cikin bidiyon, sun san kalma nawa bakin mai karatunsu ke fitarwa a daƙiƙa, sun kuma ware wa shiru nasa kason. Lissafin bai wuce tarawa da ɗebewa da rabawa ba, amma akwai wuraren da yake yaudarar mutum, musamman a Hausa.

Fara da auna bakin mai karatu

A ɗakunan labarai na Turanci akwai tsohuwar ƙa'ida da ake koya wa kowane sabon ma'aikaci: kalma uku a daƙiƙa, wato kalma 180 a minti. Masu sharhi a kan fina-finan bayani sukan sassauta, su tsaya wajen kalma 150 a minti. Waɗannan alƙaluma an auna su ne a kan wani harshe da wasu bakuna. Mai aiki da Hausa ba zai ɗauke su ido rufe ba, domin saurin Bakano da ke karanta talla daban ne da na dattijon da ke ba da tarihi, kuma mutum ɗaya ma saurinsa a gaban makirufo ba ɗaya ba ne da saurinsa a wurin hira.

Awon ba shi da wuya. A samo rubutu mai kalma 150 wanda ya yi kama da wanda za a karanta a bidiyon. Mai karatu ya tsaya ko ya zauna yadda zai yi ranar aiki, ya karanta da ƙarfi, da irin muryar da zai yi amfani da ita, a ɗauka a waya. A yi haka sau uku, a ɗauki na tsakiya. Karatun zuci ba ya cikin lissafi ko kaɗan, domin ido ya fi baki sauri nesa ba kusa ba, kuma ido ba ya numfashi. Karatun raɗa ma haka, yana fitowa gajere fiye da na gaskiya.

Mu ɗauka mai karatunmu ya gama kalma 150 a daƙiƙa 60. Idan aka raba, kalma biyu da rabi ke nan a kowace daƙiƙa. Wannan shi ne saurinsa na jimla, wanda ya haɗa da duk tsayuwar da ya yi a hanya. Da shi ake yin kasafin farko.

Akwai kuma awo na biyu, wanda ya fi amfani idan aka zo ɗinke magana da hoto. A buɗe muryar a manhajar tace sauti irin su Audacity, wadda kyauta ce. Za a ga magana ta fito kamar tuddai, shiru kuma kamar shimfiɗaɗɗen layi a tsakaninsu. A auna tsawon waɗannan layukan. A ce mai karatunmu yana tsayawa kusan daƙiƙa 0.7 a kan aya, da kusan 0.3 a kan waƙafi, kuma a cikin rubutun ya tsaya a aya goma da waƙafi goma. Tsayuwar aya ta ci daƙiƙa 7, ta waƙafi ta ci 3. Ashe cikin daƙiƙa 60 ɗin nan, goma shiru ne, a daƙiƙa 50 ya furta kalmominsa 150. Saurin furucinsa zalla kalma uku ne a daƙiƙa. Daga nan sai mu sami ma'aunin wannan mutumin:

```
lokaci = (kalmomi ÷ 3) + (waƙafi × 0.3) + (aya × 0.7)
```

Alƙaluman nan na misali ne, kowane mai karatu da nasa. Abin kiyayewa shi ne kada a cakuɗa awon biyu. Wanda ya raba kalmomi da biyu da rabi, sannan ya sake ƙara lokacin aya da waƙafi, ya ƙirga shiru sau biyu, rubutunsa zai fito gajere. Wanda ya raba da uku ya manta da tsayuwa, nasa zai zarce da daƙiƙa goma sha biyu a kowane minti.

Tsawon bidiyo ba shi ne tsawon magana ba

Mu ɗauki aiki guda mu bi shi. An ba marubuciya bidiyo mai daƙiƙa 90 a kan marinar Ƙofar Mata ta Kano, an gama tace shi, saura murya. Idan ta ninka 90 da biyu da rabi za ta sami kalma 225, kuma nan ne kuskuren farko yake. Kafin ta ninka komai, sai ta kalli bidiyon da biro a hannu, ta rubuta inda kowane yanki ya fara da inda ya ƙare.

Daƙiƙa huɗun farko suna ne da kiɗa. Daga 0:04 zuwa 0:20 kyamara tana nuna ramukan rini daga nesa. Daga 0:20 zuwa 0:38 ana haɗa baba da toka a cikin rami. Daga 0:38 zuwa 0:52 wani marini yana magana da bakinsa. Daga 0:52 zuwa 1:10 ana tsoma yadi ana fito da shi. Daga 1:10 zuwa 1:24 masu bugu ne ke dukan yadi don ya yi sheƙi. Daƙiƙa shidan ƙarshe sunayen ma'aikata ne.

Yanzu sai ɗebewa. Daƙiƙa huɗun buɗewa ba nata ba ne, haka shidan rufewa. Daƙiƙa 14 na marini nasa ne, ba a magana a kan maganar mutum. Sautin bugu kuma shi kansa bayani ne, duk wanda ya taɓa jin amonsa ya san haka, don haka ta bar masa daƙiƙa huɗu shi kaɗai kafin murya ta shigo. An cire 28 ke nan, saura 62, a gurbi huɗu: 16, 18, 18 da 10.

Ko waɗannan ma ba duka za ta cika ba. Idan hoto ya sauya, idon mai kallo yana buƙatar ɗan lokaci ya gane inda aka kai shi kafin kunnensa ya karɓi sabuwar magana. Haka kuma magana tana buƙatar ta sauka kafin hoto ya sake sauyawa, in ba haka ba kalmar ƙarshe za ta faɗa kan yankin da ba nata ba. Don haka ake barin kamar daƙiƙa ɗaya a farkon kowane gurbi, ɗaya a ƙarshensa. Gurabenta suka koma 14, 16, 16 da 8. Jimla daƙiƙa 54.

Idan aka ninka 54 da biyu da rabi, kalma 135 ce. Tsakanin 225 da 135 akwai kalma 90, wato daƙiƙa 36 na maganar da ba ta da wurin zama. Babu saurin bakin da zai haɗiye wannan. Shi ya sa wanda ya rubuta shafi guda cike don bidiyon minti ɗaya da rabi ya riga ya faɗi tun kafin a kunna makirufo.

Wani abu kuma, kasafin na kowane gurbi ne daban, ba a rance tsakaninsu. Gurbin farko kalma 35 yake ɗauka, na biyu 40, na uku 40, na huɗu 20. Idan marubuciya ta zuba kalma 50 a na farko ta rage 15 a na ƙarshe, jimlar ta yi daidai a takarda, amma a bidiyo muryar za ta riƙa bayanin ramuka alhali hoto ya kai ga haɗa baba.

Kwamfuta ido take ƙirgawa, ba baki ba

Ga abin da marubuciyar ta fara rubutawa don gurbin farko mai daƙiƙa 14:

"Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Masu kallonmu, barkanmu da sake haɗuwa. A yau mun kawo ku marinar Ƙofar Mata da ke cikin birnin Kano, wadda masu sana'ar ke cewa an kafa ta tun a shekarar 1498, kuma har yanzu ana ci gaba da rini a cikinta kamar yadda aka gada daga iyaye da kakanni."

Microsoft Word zai ce kalma 55 ce, domin shi duk abin da ke tsakanin fili biyu kalma ɗaya yake ɗaukarsa. A wurinsa 1498 kalma ɗaya ce. A bakin mai karatu kuwa "dubu ɗaya da ɗari huɗu da casa'in da takwas" ce, kalma tara. Ainihin adadin ya zama 63. A raba da uku, daƙiƙa 21. A ƙara waƙafi uku, 0.9. A ƙara aya biyu na tsakiya, 1.4; ayar ƙarshe ba a ƙirga ta, domin daƙiƙar da aka bari a ƙarshen gurbi ta ɗauke ta. Jimla daƙiƙa 23.3, a gurbin da ke da 14.

Lambobi su ne babban tarko a rubutun Hausa. Shekarar 2024 kalma shida ce a baki. Kuɗi ₦1,750,000 kalma tara ne: naira miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da hamsin. Lambar wayar Najeriya mai alƙalami 11 kalma 11 ce, kuma ba a karanta ta a guje, ana rarraba ta kashi-kashi da tsayuwa don mai sauraro ya iya riƙewa, sau da yawa ma a maimaita. Gajerun rubutu ma haka suke. Inda aka rubuta (SAW), mai karatu zai ce "sallallahu alaihi wa sallam", kuma ba wurin da za a ce masa ya yi sauri ba ne. Inda aka rubuta INEC, idan tsarin gidan shi ne a faɗi cikakken suna, Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa kalma bakwai ce.

Maganin wannan guda ɗaya ne: takardar da za a miƙa wa mai karatu a rubuta komai a cikinta da haruffa, yadda za a furta shi. Wannan yana gyara ƙirga, yana kuma hana mai karatu zaɓa wa kansa. Wani zai karanta 1498 da kalma tara, wani zai ce "alif ɗari huɗu da casa'in da takwas", kalma bakwai. Duka biyu daidai ne, amma marubuci ne ya kamata ya yanke wanda za a faɗa, tunda shi ke riƙe da lissafin.

Su kansu kalmomin ba nauyinsu ɗaya ba. Cikakkiyar sallamar da ke farkon rubutun kalma shida ce, amma gaɓoɓinta 19. "Ana ci gaba da rini a" ita ma kalma shida ce, gaɓoɓinta tara kawai. Hausa cike take da ƙananan kalmomi irin su da, a, na, ta, ya, ne, waɗanda ke wucewa kamar ƙiftawar ido, sai kuma dogaye irin su gwamnatocin da ma'aikatun. Ga kuma tsawon wasali, wanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa amma baki yana ba shi lokacinsa. A dogon rubutu gajeru da dogaye suna cike wa juna, ƙirgar kalma ta wadatar. A gurbin daƙiƙa takwas kuwa ba su da filin yin haka. Dabara mai sauƙi ita ce duk kalmar da ta kai gaɓa huɗu a ƙirga ta a matsayin biyu.

Abin da ake yankewa

Daƙiƙa tara da 'yan kai ne suka yi yawa a gurbin farko. Marubuciyar ba ta bi kalma-kalma tana tsinka ba, ta tambayi kowace jimla aikin da take yi. Gaisuwar masu kallo ta shirin minti talatin ce, a bidiyon daƙiƙa 90 ta ci fiye da kasonta. "A yau mun kawo ku" ba ta ƙara komai, mai kallo yana gani an kawo shi. Shekarar kuma ido ya fi kunne riƙe ta, don haka aka roƙi mai tace hoto ya rubuta 1498 a ƙasan allo, baki ya faɗi ma'anarta a taƙaice. Ga yadda ya koma:

"Wannan ita ce marinar Ƙofar Mata, a cikin birnin Kano. Masu sana'ar sun ce an haura shekara ɗari biyar ana rini a nan. Har yau, da hannu ake yin komai."

Kalma 30, daƙiƙa 10. Waƙafi biyu, 0.6. Aya biyu na tsakiya, 1.4. Jimla 12, da rarar daƙiƙa biyu. Idan mai aikin ya ce lallai sai da sallama, "Assalamu alaikum" tare da tsayuwarta za ta ci kusan wannan rarar gaba ɗaya, gurbin ya cika maƙil. Ya fi kyau a ɗora ta a kan kiɗan buɗewa, a sassauta kiɗan, gurbin ya zauna da numfashinsa.

Ana fara yanka ne daga abin da hoto ya riga ya faɗa. Idan allo yana nuna mutum a bakin rami, ba sai murya ta ce ga mutum a bakin rami ba. Aikinta ta faɗi abin da ido ba zai gani ba, kamar abin da ke cikin ruwan ko dalilin da ya sa ake juya shi. Daga nan sai kalmomin haɗi da ke cika baki a rubutun ofis: "wanda hakan ya sa", "a ɗaya ɓangaren kuma", "kamar yadda muka sani". Sai muƙamai masu jerin gwano, waɗanda allo zai iya ɗauka. Idan duk an yi wannan bai isa ba, a cire batu guda ɗungurungum. Batu uku da aka faɗa a natse sun fi biyar da aka faɗa a guje.

Masu fassara daga Turanci ko Faransanci su suka fi shan wannan wahala, domin an yanka bidiyon ne a kan tsawon jimlolin wani harshe. Sunan da ke kalma biyu a Turanci sai ya zama Majalisar Ɗinkin Duniya, gaɓa tara. Haruffa uku su zama Hukumar Lafiya ta Duniya. Mai fassarar da ya bi rubutun jimla bayan jimla kusan kullum zai zarce. Wanda ya san aikin yakan ajiye rubutun asali gefe, ya auna gurbin, ya tambayi kansa abin da dole mai kallo ya sani a cikin waɗannan daƙiƙoƙi, sannan ya faɗe shi da Hausar da za ta shiga.

Shirun da ake rubutawa da gangan

Gurbi na uku ya fi sauran wuya, domin a cikinsa akwai lokacin da dole kalma ta haɗu da hoto. Yadin da aka tsoma a ruwan baba ba ya fitowa shuɗi nan take. Yana fitowa da launi mai kore-kore, sai iska ta taɓa shi sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban ido. A bidiyon, marini yana ɗaga yadin a 1:01. Murya tana shigowa a 0:53. Tsakaninsu daƙiƙa takwas, kuma duk abin da za a faɗa kafin ɗagawar dole ya ƙare a cikinsu, har da tsayuwarsa. Marubuciyar ta rubuta:

"Marini yana tsoma yadin a hankali, yana juya shi cikin ruwan baba. Ba ya barinsa ya daɗe a ciki."

Kalma 19 sun ba da daƙiƙa 6.3. Waƙafi ɗaya, 0.3. Aya biyu, 1.4, a nan har da ta ƙarshe, tunda magana za ta ci gaba bayanta. Jimla takwas cif. Jimla ta gaba za ta fara daidai lokacin da yadin ke fitowa: "Idan yadin ya fito, kore ne." Kalma shida da waƙafi, daƙiƙa 2.3.

A nan sai ta rubuta umarni a takardar mai karatu: a yi shiru daƙiƙa biyu. Wannan shirun ba na numfashi ba ne. An sa shi ne don mai kallo ya ga launin yana sauyawa da idonsa kafin a gaya masa dalili. Bayansa sai: "Iska ce ke mayar da shi shuɗi." Kalma bakwai, daƙiƙa 2.3. Idan aka tara 8 da 2.3 da 2 da 2.3, an sami 14.6 cikin 16.

Tana da jimla ɗaya da take so ƙwarai: "Yawan tsomawa, yawan duhun launi." Gaskiya ce, kuma gajera ce. Amma kalma biyar da waƙafi da ayar da za ta gabace ta sun kai daƙiƙa 2.7, rarar kuwa 1.4 ce. Ko dai ta cinye shirun da aka bar wa launi, ko ta faɗa kan sautin bugu. Sai aka bar ta. Gurbin da kasafi ya ba kalma 40 ya tashi da 32, kuma haka ya dace.

Tsayuwa ke nan iri uku: ta waƙafi, ta aya, da ta ganganci. Biyun farko ana samun su daga awon mai karatu, ta ukun marubuci ne ke yanke tsawonta. Masu aikin sukan sa alama a takarda, karan tsaye ɗaya / don gajeriyar tsayuwa, biyu // don doguwa, sannan a rubuta adadin daƙiƙa idan shirun ganganci ne. A gefen kowane sakin layi kuma a rubuta lokacin shiga da lokacin fita.

Wajen rubuta lokacin nan akwai ƙaramin tarko. Manhajojin tace bidiyo suna nuna lokaci kamar haka: 00:01:01:12. Lambobi biyun ƙarshe firam ne, wato ɗaiɗaikun hotunan da ke jeruwa su zama motsi. Talabijin a Najeriya da Nijar firam 25 yake nunawa a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma 30 suke ɗauka. Don haka 12 ɗin nan kusan rabin daƙiƙa ne a tsarin 25, ba kashi 12 cikin ɗari ba. Haka ma 1:30 daƙiƙa 90 ne, ba 130 ba. Kafin kowane lissafi a mayar da komai daƙiƙa.

Gwaji kafin situdiyo, da gyara bayanta

Lissafi yana kai mutum kusa, amma baki ne ke yanke hukunci. Kafin a biya kuɗin situdiyo, marubuci ya kunna bidiyon ba sauti, ya karanta rubutun da ƙarfi yana ɗauka a waya, sannan ya ɗora wannan muryar gwaji a kan hoton ya kalla. Kurakuran suna da alamomi. Idan murya tana makara kaɗan-kaɗan, tazarar tana ƙaruwa har ƙarshe, awon saurin ne bai yi daidai ba, a sake shi. Idan ko'ina ya zauna sai gurbi ɗaya, a duba gurbin, galibi za a tarar da lamba, ko dogon suna, ko taron dogayen kalmomi. Idan ana jin mai karatu yana fizgar numfashi a tsakiyar magana, jimlar ce ta yi tsawo, a raba ta biyu a biya kuɗin ayar da aka ƙara. Idan kuma ƙarshen kalmomi yana ɓacewa, dogayen wasula suna gajarcewa, to mai karatu yana tsere da agogo ne, rubutun ne ke buƙatar ragi.

Ranar ɗauka ya fi kyau a ɗauki kowane gurbi daban, a auna shi nan take. Mutane da yawa sukan fara karatu a natse, su ƙara sauri idan sun hango ƙarshen shafi, don haka dogon karatu na bai ɗaya yakan zo da farko mai nauyi da ƙarshe mai gudu.

Idan an gama ɗauka aka tarar gurbi ya zarce kaɗan, gyara yana da tsari. Na farko a rage shirun da ke tsakanin jimloli. Idan aka tsinke daƙiƙa 0.2 daga tsayuwa biyar, an sami daƙiƙa guda ba tare da an taɓa kalma ba. Amma kada a share shirun gaba ɗaya, domin jimlolin da suka manne da juna suna gajiyar da kunne, kuma a wurin aya ne mai sauraro ke haɗiye abin da ya ji. Na biyu shi ne a ƙara saurin muryar da na'ura. A Audacity ana yin haka da `Change Tempo`, wanda ke rage tsawo ba tare da ya sirantar da murya ba. Kashi uku zuwa biyar cikin ɗari yakan wuce ba a lura ba. Idan ya doshi kashi goma, kunne yakan fara jin baƙon abu. A lura da ƙanƙantar ribar: kashi biyar na daƙiƙa 14 bai wuce 0.7 ba. Na'ura tana gyara kuskuren rabin daƙiƙa, ba ta gyara na daƙiƙa tara. Duk abin da ya fi ƙarfin waɗannan biyun, a koma ga rubutu a sake ɗauka.

Idan kuwa magana ce ta gaza cika gurbi, ba a cusa kalmomi don a toshe fili, ba a kuma ce wa mai karatu ya ja murya. A rarraba rarar a tsakanin jimloli, a ɗaga sautin wurin, motsin ruwa ko hayaniyar marina, ya cike. Inda aka sayi lokaci a gidan talabijin ko rediyo, ana so kalmar ƙarshe ta sauka aƙalla daƙiƙa ɗaya kafin lokacin ya cika, kuma abin da ya fi muhimmanci, kamar lambar waya ko ranar taro, kada a ajiye shi a jimlar ƙarshe, inda yanka ke fara ci.

Awon da aka yi wa mai karatu ba na bidiyo ɗaya ba ne. A rubuta shi a ajiye: saurinsa na jimla, saurin furucinsa, tsawon ayarsa da waƙafinsa, a talla daban, a bayani daban. Bayan kowane aiki a kwatanta abin da lissafi ya ce da abin da agogo ya nuna, a gyara alƙaluman. Idan aka canza mai karatu kuwa, ko da rubutun bai canza ba, a sake awo daga farko kafin a yi wa kowa alkawarin cewa zai shiga.